Kaso, albashi, adashi ko hatsi: wanne ne zai kai kuɗin azumi har watan Agusta?

A watan azumi tela a Jos na iya samun abin da ya ninka na watan Agusta sau bakwai, amma mudun da aka auna a gidansa a Maris shi za a auna a Agusta. Idan aka haɗa abin da ya shigo masa a shekara, ba za a kira shi talaka ba. Duk da haka shi ne za ka tarar a tsakiyar damina yana cin bashin garin masara a shagon unguwa, alhali wata biyar da suka wuce yana ta cusa kuɗi a aljihun keken ɗinki bai ma tsaya ƙirgawa ba.

Hanyoyi huɗu ne na fi ganin mutane suna bi don maganin wannan. Wani yakan cire kaso daga duk abin da ya shigo. Wani yakan tara komai wuri guda ya yanka wa kansa albashi. Wani yakan shiga adashi. Wani kuma da kuɗi sun shigo sai ya mayar da su buhunan hatsi ko ya biya haya tun kafin lokaci. Kowa yana yabon tasa, amma ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma ba za a gane haka ba sai an ɗora su a kan mutum ɗaya da shekara ɗaya.

Bari mu ɗauki tela mai shago a wajen Dilimi a cikin Jos, da keke uku da yara biyu masu taya shi aiki, da mata da 'ya'ya uku a gidan haya. Alƙaluman da zan kawo misali ne, kowa ya cire ya sa nasa. Abin da na kira samu shi ne abin da ya rage bayan an fitar da zare, gam, zif, fetur ɗin janareta da sallamar yaran shago. Na bi kalandar 2025, shekarar da azumi ya cinye watan Maris, aka yi ƙaramar Sallah a ƙarshensa, babbar Sallah kuma ranar 6 ga Yuni. Telan Jos yana da wata dama da na garuruwa da yawa ba shi da ita, domin Disamba ma kaka ce a wurinsa: ɗinkin Kirsimeti, ga bukukuwan aure da ake jerawa a ƙarshen shekara. Satumba kuma akwai yunifom.

A wannan misali ya samu dubu 620 a Maris, dubu 430 a Mayu, dubu 430 a Disamba. A Yuli dubu 90, a Agusta dubu 80. Jimillar shekara naira miliyan 2 da dubu 880, wato dubu 240 a kowane wata idan aka raba daidai. Wannan dubu 240 ita ce ta fi yaudarar mutane, domin ba a riga an cire manyan hidimomin da ke zuwa a dunƙule ba. Hayar gida dubu 300, ta shago dubu 180, kuɗin makaranta dubu 60 sau uku, kayan Sallar yara dubu 60, layya dubu 120, ko ɗan rago ko shiga cikin mutum bakwai a kan sa. Duka dubu 840. Abin da ya rage na ci da sha na gaskiya dubu 170 ne a wata. Gidan kuma, idan an matse iya matsewa, ba ya tafiya da ƙasa da dubu 130: abinci, kuɗin mota, wuta, gawayi ko gas, sabulu, ɗan magani.

Hanyar kaso ita ce mafi sauƙi. Duk ɗinkin da aka biya, a cire kashi 30 cikin ɗari a ajiye, a ci sauran. Ba ta bukatar littafi, ba ta bukatar sanin abin da aka samu bara, kuma ko yau aka fara za ta yi aiki. A shekarar telanmu kashi 30 ya kama dubu 864, ya isa haya da makaranta da Sallah har da ɗan canji. A nan ta cika alkawari.

Sai dai a duba kashi 70 ɗin da ake ci. A Maris dubu 434 ne, a Agusta dubu 56. Wato gidan da ba ya tafiya da ƙasa da dubu 130 an miƙa masa dubu 56. Ba Agusta kaɗai ba: Janairu, Afrilu, Yuni, Yuli da Oktoba duk sun gaza, wata shida cikin goma sha biyu, kuma idan aka haɗa giɓinsu ya kai dubu 297. Daga ina za su fito? Daga ajiyar hayar nan, ba wani wuri. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa shi fa yana ajiya amma ba ta taɓa zama. Ba rashin riƙo ba ne. Kaso yana rage abin da ake ci a wata mai kyau da wata maras kyau da ma'auni ɗaya, ba ya ɗauko rarar Maris ya kai ta Agusta. A watan da ya kamata a ajiye kashi 65, an ajiye 30. A watan da ya kamata a ciro, an ce sai an ƙara zubawa.

Hanyar albashi ta bambanta tun daga tushe. Duk abin da ya shigo ba na aljihu ba ne, na rumbu ne. A farkon wata ko farkon mako ana ɗebo adadi guda da ba ya canzawa, ko kasuwa ta yi kyau ko ta mutu. Manyan hidimomi kuma ana biyan su kai tsaye daga rumbun a ranar da suka zo. Telanmu ya yanka wa kansa dubu 150, ba 170 ba, zan zo kan dalili. Ya fara a Fabrairu da hannu wayam. Ga yadda shekarar ta tafi, a dubbai:

| Wata | Samu | Babbar hidima | Saura a rumbu |
|---|---|---|---|
| Fabrairu | 260 | babu | 110 |
| Maris | 620 | kayan Sallah 60 | 520 |
| Afrilu | 110 | makaranta 60, shago 180 | 240 |
| Mayu | 430 | layya 120 | 400 |
| Yuni | 150 | babu | 400 |
| Yuli | 90 | babu | 340 |
| Agusta | 80 | babu | 270 |
| Satumba | 230 | makaranta 60 | 290 |
| Oktoba | 140 | babu | 280 |
| Nuwamba | 220 | babu | 350 |
| Disamba | 430 | babu | 630 |
| Janairu | 120 | makaranta 60, gida 300 | 240 |

Kuɗin shekara ɗaya ne da na mai kaso, ko kwabo bai ƙaru ba. Amma babu watan da gidan ya ci ƙasa da dubu 150, babu bashi, kuma an rufe shekara da dubu 240. Abin da aka biya don samun wannan shi ne Maris. A watan da dubu 620 suka ratsa ta hannunsa, dubu 150 ya kai gida, kamar kowane wata. Nan ne wahalar hanyar take, ba a lissafinta ba.

Ka kwatanta daren jajiberin Sallah a shagon. Ƙarfe biyu na dare, janareta na ruri a bakin ƙofa, yaro ɗaya na guga, ɗaya na sa maɓalli, mutum huɗu na zaune a benci sun ƙudundune saboda sanyi, kowa na jiran shaddarsa. Waya sai ƙara take yi, kuɗi na shigowa. Mutumin da ya yi mako uku bai yi barcin kirki ba, idan gari ya waye ya ga dubu 500 a asusu, zuciyarsa za ta ce masa ya cancanci sabuwar waya. Ƙaninsa ma ya san lokaci. "Yaya, dama ina jira a sha ruwa ne in yi maka maganar kuɗin jarrabawar nan." Ba wanda ya yi laifi a cikinsu. Amma dubu 520 da ke jikin Maris a jadawalin ba rara ba ce, an riga an yi mata miji: dubu 240 na Afrilu ne, sauran kuma su za su riƙe damina.

Yanzu dalilin dubu 150. Da ya yanka dubu 170, lissafi zai fita daidai, amma rumbun zai koma sifili cif a Janairu. Shekarar da komai ya tafi yadda aka zata kenan, kuma ba a cika samun irinta ba. A ce janareta ya buga a mako na biyu na azumi, ko babban yaron shago ya tafi buɗe nasa, Maris ya kawo dubu 450 maimakon 620. Mai albashin dubu 150 zai ga rumbu ya sauko zuwa dubu 70 a Afrilu, ya tsallake da ƙyar, amma ya tsallake. Mai dubu 170 zai shiga giɓi tun Agusta, kuma ya rasa cikon hayar gida a Janairu. Mutanen Jos kuma sun san wani abin da ke rufe shago ba shiri, irin dokar hana fita ta awa 24 da aka sa a Jos ta Arewa a Agustan 2021. Dubu ashirin ɗin da ake bari kowane wata na irin waɗannan ranaku ne. Ni a ganina albashin ya zauna tsakanin abin da gida ba ya iya tafiya ƙasa da shi da kuma ainihin abin da ya rage bayan manyan hidimomi, ya fi karkata ƙasa a shekarar farko.

Akwai abu biyu da ke kayar da wannan hanya ko da mutum ya iya riƙe hannunsa, kuma dukansu maganar lokaci ce.

Na farko, watan da aka fara. Yawancin mutane sukan tuna da tsara kuɗi ne bayan babbar Sallah, lokacin da aljihu ya fara sanyi. Da telanmu ya fara a Yuni da hannu wayam, da albashi ɗaya da samu ɗaya, zuwa Agusta ana bin sa dubu 130. Disamba za ta ɗan fitar da shi, Janairu ta sake jefa shi giɓin dubu 160, ba zai miƙe ba sai azumi. Zai ce hanyar ba ta aiki, alhali shigar ce ba ta yi daidai ba. Ko dai a fara a bakin kaka, wata guda kafin aiki ya buɗe, ko kuma a shigo da jarin da ya kai giɓi mafi zurfi, a nan dubu 160. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya yi kaso tukuna har kaka ta zagayo.

Na biyu, ranar haya. A jadawalin hayar gida ta faɗo a Janairu, bayan kuɗin Disamba. Mayar da ita Agusta, kada ka taɓa komai. Rumbun da ke da dubu 270 an nemi dubu 300 daga cikinsa. Ya gaza da dubu 30, kuma zai ci gaba da zama a ƙasa har Nuwamba. Kuɗin bai kai ya kawo ba, amma shi ne ke sa a taɓa kuɗin yadin mutane. Maganinsa ba ya bukatar ƙarin samu, zama ɗaya ne da mai gida. "Alhaji, ina so in ƙara maka na wata biyar yanzu, mu mayar da lissafinmu Janairu." Mai gida da wuya ya ƙi kuɗin da aka kawo masa da wuri. Za a sha ɗan matsi a shekarar da aka yi gyaran, domin na wata biyar ɗin dubu 125 ne, don haka a yi maganar a Maris ko Mayu, ba a Yuli ba.

Wani tarkon na masu sana'ar hannu ne musamman: kafin alƙalami. Kwastoma ya kawo shadda a farkon azumi ya ajiye rabin kuɗi, wani ma ya ba da kuɗin yadi a sayo masa. Wannan ba samu ba ne sai ranar da aka miƙa kaya. Telan da ya zuba shi a rumbu zai ga adadi ya kumbura a Fabrairu, ya ɗauka watan ya yi kyau, sannan a Maris ya yi aikin da aka riga aka cinye ladansa. Haka ma ɗinkin da aka karɓa da alkawarin "bayan Sallah zan kawo". Ba a rubuta shi a samu sai ya shigo. Alamar cewa an faɗa wannan tarko ita ce ka ga kana aiki dare da rana amma kana neman kuɗin zare.

Adashi fa? Na san wanda zai ce shi da adashi ya sayi keke, da shi ya yi aure, kuma gaskiya ne. Adashi ya ƙware wajen abu ɗaya: tara dunƙulallen kuɗi a rana sananniya, tare da kunyar mutane da ke hana ka fasawa. Idan telanmu ya shiga na mutum goma, zubin dubu 30 a wata, ya roƙi uwar adashi ta ba shi kwasar Janairu, hayar gidansa ta fita ba tare da ya yi kokawa da zuciyarsa ba.

Amma zubi ba ya sanin damina. A Agusta, da samun dubu 80, adashi zai karɓi dubu 30 ɗinsa cif, ya bar gida da 50. Ga mai samun da ke hawa da sauka, adashin wata-wata ƙarin haya ne da ya ɗaura wa kansa. Kuma ba a iya ciro dubu 40 daga cikinsa ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, sai ranar kwasa. Idan kwasarka na ƙarshe ce, kai ne ke ɗauke da haɗarin duk wanda ya kwasa ya daina zubi. Don haka adashi ba ya maye gurbin rumbu. Yana iya zama a ƙarƙashinsa, a riƙa biyan zubin daga rumbu kamar kowace babbar hidima. Wanda ya fi dacewa da tela shi ne gajeren adashi da ke farawa ya ƙare a cikin kaka, misali zubin mako-mako daga farkon Sha'aban zuwa babbar Sallah, tsakanin masu sana'a ɗaya da kuɗinsu ke zuwa lokaci ɗaya.

Na mai zagayawa da kati kuwa, wanda ke karɓar zubin kullum ya ɗauki na rana ɗaya a matsayin ladansa a ƙarshen wata, kusan kashi 3 cikin ɗari kake biya kowane wata don a riƙe maka kuɗinka. Ga mai shayi ko mai Keke Napep da kuɗi ke narkewa a aljihunsa kafin magariba, wannan lada ta halatta. Ga wanda zai ajiye dubu 400 na wata biyar, ba wurinsa ba ne.

Sai hanya ta huɗu, wadda iyayenmu suka fi yarda da ita: kada kuɗi su kwana, a mayar da su abu. Tana da hujja mai ƙarfi a shekarun nan. A Disamban 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin ɗari. Ko da a kashi 30 ne, dubu 100 da aka ajiye wata shida za ta sayi abin da dubu 88 ke saye a ranar da aka ajiye ta. Wannan shi ne babban raunin hanyar albashi: kuɗin Maris da ke jiran Agusta suna ramewa a zaune. Buhun masara ba ya ramewa haka, kuma ƙani ba ya roƙon a tura masa rabin buhu ta waya.

Kakar hatsi ta yi daidai da kuɗin Disamba, lokacin da masarar Mangu da ta Saminaka ta cika kasuwa. Amma a duba jadawalin kafin a ɗauko mota. Dubu 630 na Disamba, Janairu zai janye dubu 390 daga ciki. Abin da za a iya sakawa a hatsi ba tare da an taɓa haya ba bai wuce dubu 120 zuwa 150 ba. Sannan akwai sharaɗin da kusan kowa ke mantawa: idan an sayi hatsin dubu 120, sai a rage albashi da dubu 20 na tsawon wata shida da za a ci shi. Idan ba a rage ba, ba a daidaita komai ba, an dai ƙara kashe dubu 120. Wannan magana da uwargida ake yin ta tun ranar da buhunan suka shigo, kada a bari sai ta ga kuɗin cefane ya ragu. "Maigida, ai masara ba ta zama miya," za ta ce, kuma tana da gaskiya. Shi ya sa ba a rage fiye da abin da ake kashewa a kan hatsin kansa.

Hatsi ma yana da nasa cikas. Wanda aka saya a Disamba don Yuli da Agusta sai ya yi wata bakwai ko takwas a ɗaki, ya ratsa daminar Jos mai laima. Idan bai bushe sosai ba zai yi fumfuna, idan buhun ba mai hana iska shiga ba ne ƙwari za su mayar da wake gari. Buhu mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace daban, a ɗora a kan katako nesa da bango. Kuma farashi ba kullum yake hawa ba. Waɗanda suka tara masara a kakar 2024 suna jiran tsadar damina, da yawansu sun ga farashi ya sauko a 2025. Wanda ya saya don ci asararsa kaɗan ce, zai ci abinsa. Wanda ya zuba kuɗin haya a ciki da niyyar sayarwa shi ne ya ji jiki. A sayi na ci, a tsaya nan.

Biyan gaba ya fi hatsi tsafta inda ya samu. Hayar shago da aka biya a ƙarshen Maris maimakon Afrilu, ko kuɗin zango na uku da aka kai makaranta tun kuɗin azumi na hannu, an cire su daga inda hannu zai kai. A karɓi rasit kawai. Iyakarsa ita ce abin da aka biya ba ya dawowa, don haka ba a yin sa da kuɗin da ke tsare Yuli da Agusta.

Inda rumbun zai zauna ma zaɓi ne. Asusun da kwastomomi ke turo kuɗi, ko OPay ne ko Moniepoint ko na banki, bai dace ba, domin shi ne a tafin hannu kullum. A buɗe na biyu, kada a karɓi katinsa, a riƙa kwashe na farkon zuwa cikinsa duk ƙarshen mako. Wanda ba ya son kuɗin ruwa ya taɓa ajiyarsa akwai bankunan Jaiz da TAJ. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, tun 2024 tana lamunce ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma, don haka rumbun telanmu yana ciki gaba ɗaya. Sai dai lamuni ba ya nufin kuɗi a hannu gobe da safe, kamar yadda masu ajiya a bankin Heritage suka gani da aka soke lasisinsa a Yunin 2024. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya nuna amfanin barin cefanen mako guda a gida da tsabar kuɗi. Albashin ma gara a fitar da shi mako-mako, dubu 35 kowace Asabar da ɗan ciko a ƙarshen wata, domin dubu 150 da aka miƙa wa aljihu ranar ɗaya ga wata ba ta cika ganin ashirin ba. A cikinsa a ware na zumunci, ko dubu 10 ne, don a samu abin miƙa wa mai roƙo ba tare da an buɗe rumbu ba.

To wa zai ɗauki wanne? Tambayar farko ita ce, a shekarar da ta wuce wata nawa samunka ya gaza abin da gida ba ya iya tafiya ƙasa da shi. Idan babu, ko ɗaya ne, kamar mai aski ko mai gyaran waya a Terminus, cibiyar kasuwancin Jos, da kasuwarsa ke ɗan motsi amma ba ta mutuwa, kaso ya wadatar, ba sai ka wahalar da kanka ba. Idan uku ne ko fiye, kamar telanmu, ko mai noman dankalin Turawa a Bokkos da kuɗinsa ke zuwa sau biyu a shekara, ko birkila da aikinsa ke tsayawa idan ruwa ya kankama, albashi ne kaɗai a cikin huɗun ke ɗaukar kuɗi daga wata zuwa wata. Adashi da hatsi sai su zama mataimakansa: adashi ga wanda ya san ba zai iya kallon kuɗin haya a asusu ya ƙyale su ba, hatsi ga mai busasshen ɗaki da iyali masu yawa.

Wanda bai taɓa rubuta samunsa ba zai ce bai san nawa zai yanka ba. Tarihin asusun da ke wayarsa ya riga ya rubuta masa fiye da rabi, littafin awo kuma zai nuna kaya nawa aka ɗinka a kowane wata. Da waɗannan biyun za a iya zana jadawali irin na sama a zama ɗaya. Idan an fara, abin lura guda ne: a gwada abin da ke rumbu da abin da jadawali ya ce ya kamata a gani. Idan bayan babbar Sallah an tarar da dubu 300 maimakon 400, a rage albashi da dubu 15 tun daga Yuni, kada a jira Agusta. Ƙarin albashi kuwa sau ɗaya ake yin sa a shekara, bayan an rufe kaka an ga abin da ya tabbata.

Jadawalin bara kuma ba ya yi wa bana aiki yadda yake, domin Sallah tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, alhali haya da makaranta da Kirsimeti suna nan inda suke. Babbar Sallah da ta kama 16 ga Yuni a 2024 ta dawo 6 ga Yuni a 2025, kuma haka za ta ci gaba da ja baya. Ma'ana tazarar da ke tsakaninta da ɗinkin Disamba tana ƙara tsawo. Zuwa 2030 azumi zai kama a farkon Janairu, kakar tela uku za su taru tsakanin Disamba da Afrilu, sannan a yi wata bakwai babu abin kirki sai yunifom ɗin Satumba. Rumbun da dubu 400 ta ishe shi shiga damina a 2025 zai bukaci fiye da haka kowace shekara, don haka dubu 240 da ta rage a Janairu a bar ta a ciki ta buɗe sabuwar shekara, kuma a sake duba ranar hayar shago, domin azumin da ya zo dab da Afrilu a 2025 ba nan zai tsaya ba.